Yara huɗu, talabijin ɗaya: wane fim zan sa musu su zauna tare?

Maman Khairat (Tumfure):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. An yi hutu, yayata ta turo mini 'ya'yanta biyu daga Kumo, sun haɗu da nawa biyu. Babbarsu shekararta 14, sai namiji mai 11, sai Khairat mai 7, sai auta mai 4. Talabijin ɗaya ce a falo. In na sa katun, babbar ta ce na jarirai ne ta shige ɗaki, mai 11 ya bi ta. In na bar manyan su zaɓa, sai su ɗauko fassarar Indiya a filash, auta ya ƙi kwana shi kaɗai. Ni kuma so nake su zauna wuri ɗaya ko na awa ɗaya da rabi ne, su saba da juna. Ta yaya kuke zaɓen fim ɗin da zai ɗauke su duka?

Abban Sudais:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki sa katun kawai. An yi shi ne don yara, babu abin da zai lalata. Babbar ta yi haƙuri da ƙannenta.

Adda Jummai:
Abban Sudais, a nan kam ban bi ka ba. Katun salon zane ne kawai, ba ya nuna shekarun wanda aka yi wa. Akwai na Japan da yawa da aka zana don manya, da sare-sare da jini. Ko waɗanda aka yi don yaran ma sai an duba.

Maman Khairat, ina koyar da 'yan nazare da 'yan aji ɗaya zuwa uku, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne, abin da ke tsorata ɗan shekara 4 daban yake da abin da ke tsorata ɗan shekara 11. Ƙaramin yaro da ido yake jin tsoro. Mummunar fuska, jajayen idanu, haƙora a waje, mutum ya rikiɗe ya koma wata halitta, kiɗa ya ɗau ƙara farat ɗaya, duhu. Ba ruwansa da ko dodon mai kirki ne a labarin. In kamanninsa ba kyau, to shi kam mugu ne. Kuma ki ce masa “ai ƙarya ce, wasa ne” ba ya shiga kansa sosai, don bai gama raba abin da ke cikin talabijin da abin da ke tsakar gida ba.

Daga shekara takwas zuwa sama abin ya juya. Dodo ba ya damunsa, dariya ma yake yi. Abin da ke hana shi barci shi ne wanda ya san zai iya faruwa da gaske: a sace yaro a hanyar makaranta, 'yan fashi su shigo gida da dare, gobara, hatsarin mota, uwa ta mutu. Don haka fim ɗaya sai kin duba shi sau biyu, da idon auta da kuma idon mai 11.

Hamma Isiyaku:
Ai abin da sauƙi. Kowane fim akwai alamar shekaru a jikinsa. Ki nemi mai G ko PG, duka biyun na kowa da kowa ne. PG-13 shi ne daga 13 zuwa sama, doka ta hana ƙananan su gani.

Bappa Yerima (Jekadafari):
Hamma, ka kusa, amma bari in gyara wuri biyu. G ne na kowa da kowa. PG kuwa cewa ake yi iyaye su fara dubawa, don akwai wuraren da ƙila ba su dace da ƙananan yara ba. PG-13 kuma gargaɗi ne mai ƙarfi ga iyaye, babu dokar da ta hana. Wannan tsarin na Amurka ne, kuma PG-13 ɗin sai a 1984 aka ƙirƙiro shi. Kafin nan, fim ɗin da yau za a ba shi PG-13 yakan fito da PG. Saboda haka tsohon fim mai PG na shekarun 1970 zai iya fin na yanzu zafi.

Mu a Najeriya hukumar tace finafinai ta ƙasa, NFVCB, wadda aka kafa a 1993, tana da nata: G, PG, 12, 12A, 15, 18. Indiya kuma U na kowa, UA sai da kulawar iyaye, A na manya. In dish kike kallo, ki danna maɓallin i a rimot ɗin DStv ko GOtv, za ki ga lamba, sau da yawa da haruffa kusa da ita. V faɗa ne da duka, L munanan kalamai, S da N kuma batsa ne da tsiraici. Haruffan sun fi lambar amfani, don su ne ke gaya miki dalili.

Adda Jummai:
Na gode Bappa. In ƙara a kan naka, ko G ɗin ma ba ya ɗauke wa uwa aikin dubawa. The Lion King na 1994 G ne, amma a cikinsa uban ɗan zakin ya mutu a gaban idonsa, yana taɓa gawar yana kiransa ya tashi. Mai shekara 4 ƙila kurayen ne za su fi ba shi tsoro. Mai 7 kuwa, wannan mutuwar ce za ta tsaya mata a rai, balle in akwai rasuwa a dangi kwanan nan. Masu sa alamar ba su san gidanki ba.

Sadik Mai Turi:
Salam iyayenmu. Sana'ata ke nan, ina tura finafinai a waya da memori da filash a bakin kasuwa. Duk wannan G da PG da kuke ta faɗa, a abin da muke turawa ba za ku gan shi ba. Yawanci an yanke farkon fim ɗin an liƙa talla. Sunan ma an canza shi zuwa na Hausa. Mu a kwamfuta yadda muke jera su shi ne: na faɗa, na soyayya, na dariya, na tsoro, katun. Yaro ya zo da naira kaɗan ya ce a cika masa filash, ba mai tambayar shekarunsa.

Hajiya, in kika aiki yaro, ki ba shi sunan abin da kike so a takarda. In da hali ki zo da kanki, ki ce a buɗe miki ki gani kafin a tura. Babu mai turin da zai ƙi. Kuma ki tambayi asalin sunan fim ɗin, da yawanmu mun sani.

Ummu Haidar:
Sadik Allah ya yi albarka, ka faɗi gaskiya. Ni matsalata da fassarar ba faɗan ba ne kaɗai, bakin mai fassarar ne. Wani yakan ƙara baƙar magana da habaici da babu su a asali, don a yi dariya. Kuma tun da da Hausa ne, nan take yaro ke haddacewa. Nawa mai shekara biyar ya gaya wa kakarsa wata kalma a gaban baƙi, da na bi diddigi daga can ya ɗauko.

Hamma Isiyaku:
To amma ku yi adalci. Fassarar ce ta sa yaran ke gane labari. Ki sa musu na Turanci, mai 4 da mai 7 ba su jin komai, rubutun da ke gudu a ƙasa kuma ko mai 11 da ƙyar yake cim masa. Minti goma sun fara kokawa a kan kujera.

Adda Jummai:
Wannan gaskiya ne Hamma, kuma yana cikin abin da ake dubawa. Fim ɗin da zai riƙe yara masu tazarar shekaru shi ne wanda ko an kashe murya za ka gane abin da ke faruwa: wa ake bi, me ya ɓata, ina za su. Ƙaramin ya bi hoto, babban ya bi magana da barkwancin da ke ƙarƙashi. In labarin duk a baki yake, mutane na zaune a falo suna ta zance, ka rasa ƙananan tun daga farko.

Goggo Asabe:
Ni dai ina karanta ku ina mamaki. Yara huɗu sun haɗu, maimakon a fitar da tabarma a yi musu gatanan gatananku, sai neman fim. Mu da muka tashi a Dukku, babba da yaro wuri ɗaya muke zama a saurari Gizo da Ƙoƙi, ba wanda ya ce na jarirai ne. 'Yata ki kashe akwatin nan.

Maman Khairat (Tumfure):
Goggo ranki ya daɗe, wallahi ina yi musu da daddare in an ɗauke wuta, kuma suna so. Amma bayan la'asar ina kicin, ba zan iya haɗa tuwo da tatsuniya ba. Lokacin ne nake nema wa abin da zai zaunar da su.

Abban Sudais:
Goggo, tatsuniyar ma ai akwai Dodo mai cinye yara a ciki.

Goggo Asabe:
Akwai shi ɗana. Amma mai ba da labarin tana kallon fuskar yaron. In ta ga ya fara maƙalewa a jikin yayarsa, sai ta sassauta murya ta gajarta wurin. Talabijin ba ta ganin kowa.

Malam Ɗahiru Pantami:
Goggo ta taɓo wani abu babba, wato a samu mai lura da fuskokin yaran. Ni kuma tsawon fim ɗin zan yi magana a kai. Tsakanin idar da la'asar da kiran magariba, in an cire wanka da alwala, abin da ya rage bai fi awa biyu ba. Fim ɗin Indiya yakan kai awa biyu da rabi, wani har uku. Ko dai a yanke shi a tsakiya a yi rigima, ko salla ta wuce. Katun mai tsawo kuwa yawanci awa ɗaya da rabi ne. Ko wannan ma, ɗan shekara huɗu ba zai zauna masa daga farko har ƙarshe ba, kuma kada a tilasta shi. Ya kalla, ya tashi ya yi wasa, ya dawo.

Zee_Bolari:
Don Allah tun da ana maganar, ya ake hana yaro shiga abubuwan banza a YouTube? Ƙanina da wayar mamanmu yake kwana.

Bappa Yerima (Jekadafari):
Zee, taki tambayar ta waya ce, ta Maman Khairat ta kallo tare ce, amma ga shi a taƙaice. Ki sauke masa YouTube Kids, a ciki za ki zaɓi Preschool na 'yan 4 zuwa ƙasa, Younger na 5 zuwa 8, ko Older na 9 zuwa 12. Ki kashe Autoplay, don yawanci ba bidiyon farko ne matsala ba, na uku da na huɗu da suka biyo baya da kansu ne. Masu dikoda kuma a canza lambar sirri, don 1234 da take zuwa da ita kowane yaro ya sani. Wayar dai a karɓe ta da dare.

Kawu Manu:
Me ya sa ba wanda ya ambaci namu na Hausa? Akwai hukumar tacewa a Kano tun 2001, ba tsiraici, ba abin kunya, yarenmu ne, shigarmu ce. Ni su nake sa wa iyalina hankalina kwance.

Ummu Haidar:
Kawu, tacewar tana duba tarbiyya da addini da shiga, kuma mun gode da hakan. Amma fim ya tsallake tacewa ba ya nufin na ɗan shekara huɗu ne. Ina boka mai jan ƙyalle da ƙwarya yana kiran aljani da wata irin murya? Ina kishiya tana barbaɗa magani a abinci? Ina miji yana daka wa mace tsawa ya miƙa mata takarda, yara na kuka? Wannan na ƙarshen ya fi dodo taɓa yaro, don gidan ya yi kama da nasu, sunayen ma irin na gidansu ne. 'Yar maƙwabciyata sai da ta tambayi uwarta ko ita ma Baba zai kore ta.

Kawu Manu:
Ba duka ne haka ba. Akwai na barkwanci, akwai na tarihi.

Ummu Haidar:
Ban musa ba Kawu. Cewa nake su ma a duba su kamar sauran.

Maman Khairat (Tumfure):
Na ƙaru sosai. Amma Adda Jummai, kowa na cewa a duba, a duba. Ni ba ni da awa biyun da zan zauna in kalli fim kafin in sa musu. A aikace ya kike yi?

Adda Jummai:
Ba sai kin kalle shi duka ba, minti goma sha biyar ya isa. Bari in ɗauki yaranki huɗun nan in nuna miki.

Da farko ki ware finafinai uku da kanki, kada ki buɗe musu filash ɗin gaba ɗaya. A gidanki auta ne ke yanke iyakar abin tsoro, babbar kuma ita ke nuna ko labarin yana da nauyin da zai zaunar da mutum. Saboda haka ki nemi labarin tafiya, ko neman wani abu da ya ɓata, ko gasa, ko dabbobi, wanda akwai babba da ƙarami a cikin jaruman, kowane yaro ya sami nasa. Ki kauce wa wanda soyayya ce ginshiƙinsa. Mai 14 za ta so, mai 11 zai tashi, ke kuma ki sha tambayoyi daga mai 7.

In kin san asalin sunan, ki rubuta shi a waya tare da IMDb Parents Guide. Shafin ya kasa abin gida biyar, kowanne da None, Mild, Moderate ko Severe. Yawancin iyaye Sex & Nudity kawai suke dubawa su rufe. Ke ki gangara har Frightening & Intense Scenes, nan ne maganar auta take. In kin ga Moderate a wurin, ki karanta abin da aka rubuta a ƙasa. Masu kallo ne ke cike shafin, kuma ma'auninsu ba namu ba ne, sumba ko giya da za su kira Mild ke ƙila ba za ki yarda ba. Don haka bayanin za ki karanta, kada ki tsaya a kalma ɗaya.

In babu suna, kamar na wurin su Sadik, sai ki yi da rimot. Ki kalli minti biyar na farko, don a nan ake yawan kashe iyayen jarumi ko a ƙona garinsu. Ki tsallaka zuwa inda mugun ya fara bayyana, ki ga kamanninsa, ki ji muryarsa da kiɗan da ke rako shi. Sai ki je kusan ƙarshe, minti ashirin kafin a gama, inda ake babban karo. A fim mai minti 90, wajen minti na 65 zuwa 80 ke nan. Mafi zafin abin da ke fim ɗin yana nan. In wurin ya yi wa auta yawa, ki ajiye fim ɗin duk kyan farkonsa. Kuma ki bar murya a kunne lokacin da kike tsallakawa, don ki ji bakin mai fassara.

Waɗanda suka tsira a cikin ukun, ki ba yaran su zaɓa. Rimot kuma ki damƙa wa babbar, ki gaya mata a gefe cewa a minti kaza akwai wuri kaza, ta rage murya ko ta wuce shi, ta ɗora auta a cinyarta. Yarinyar da aka ba amana ba ta cika cewa abin na jarirai ne ba.

Alamar da za ta lura da ita: yaro ya yi tsit ya daina motsi, ko ya koma bayan kujera, ko ya toshe kunne, ko ya dinga tambayar “zai mutu ne?” Shirun nan ba jin daɗi ba ne koyaushe.

Bappa Yerima (Jekadafari):
Malama na yarda da kusan duka, sai dai maganar auta ya yanke iyaka kullum. In aka yi haka hutun gaba ɗaya, an danne hakkin manyan. Yarinya mai 14 da ba a taɓa barinta ta ga abin da ya kai shekarunta a falo ba, za ta gan shi a wayar ƙawarta inda ba kowa. Ni a gidana kashi biyu nake yi: na kowa da yamma, na manya bayan isha in ƙananan sun yi barci, kuma ina zaune.

Maman Walid (Herwagana):
Bappa wannan sai mai ɗakuna. Mu ciki da falo ne, labule ne kawai a tsakani. Ƙaramin yana jin kiɗan zai farka ya leƙo. Kuma wuta ba ta tambayar tsarinka, in ta zo ƙarfe huɗu dole a yi kallon ƙarfe huɗu.

Abban Sudais:
Maman Walid ki sauke wa babban a waya ya sa abin kunne.

Maman Walid (Herwagana):
To ai an koma kowa da nasa ke nan, abin da mai tambayar ke gudu.

Adda Jummai:
Bappa, ban ce kullum ba, na ce duk lokacin da auta ke zaune a wurin. Hakkin babba ana iya biyansa gobe. Abin da ƙaramin ya gani kuwa ya riga ya gani, sai a yi mako ana fama da shi da dare.

Maman Khairat (Tumfure):
Na dawo da rahoto. Jiya na bi yadda Adda ta ce. Cikin ukun da na ware, ɗaya ya faɗi a wurin karon ƙarshe, mugun ya koma wani ƙaton maciji mai jan ido. Suka zaɓi na wasu dabbobi da suka ɓace suna neman hanyar gida. Babbar ta riƙe rimot, ta zauna har ƙarshe, har tana yi wa ƙananan bayani da Hausa. Auta ya yi rabi ya koma wasa da murfin kwalba. Wadda ban zata ba ita ce Khairat. Akwai inda ƙaramar dabbar ta rabu da uwarta a cikin ruwa, a nan ta fashe da kuka, kuma wurin a tsakiyar fim yake, ba ya cikin inda na duba. Mai 11 kuma ya ce ba laifi, amma yau shi zai zaɓa, kuma na faɗa yake so.

Adda Jummai:
Ba komai tsallake ke kamawa ba, musamman wurin baƙin ciki, don shi ba ya zuwa da ƙara. In ta yi kukan ta ci gaba da kallo har ta ga sun sake haɗuwa, kuma ta yi barcinta lafiya, ban ɗauke shi illa ba. In kuwa ta ƙi rabuwa da ke yau, ki huta da irin labarin rabuwa da uwa na ɗan lokaci.

Kawu Manu:
Ni a ganina kukan tausayi ma tarbiyya ce.

Sadik Mai Turi:
Hajiya, shi mai son na faɗan, ki gwada masa na ƙwallo ko na tsere ko na gasar kokawa. Akwai zafin da yake nema, ba bindiga ba jini. Sai dai wasu na gasar ma akwai duka a ciki, ki leƙa ƙarshen.

Hamma Isiyaku:
Ɗan shekara 11 fa ba yaro ba ne sosai. A bar shi ya ga na faɗan, mu ma da na Chana muka tashi.

Ummu Haidar:
Hamma, shi zai iya. Amma in an gama, a kan wa kake jin zai gwada bugun? Auta ne a kusa.

Maman Khairat (Tumfure):
Ta yi barci lafiya Adda, sai dai a gadona. Sadik zan aiko da takarda gobe in Allah ya kai mu. Bappa, tsarinka na bayan isha zan gwada wa manyan ranar Juma'a in akwai wuta. Wanda ya san na ƙwallo da bai wuce awa ɗaya da rabi ba, kuma ba soyayya a ciki, ya taimaka mini da suna.